Ra'ayi: Tsohon kaset ɗin gem ɗinka yana mutuwa a durowa, ka buɗe shi tun kafin batir ya ƙare

A 'yan shekarun nan matasa da dama sun koma sha'awar tsofaffin na'urorin gem irin su Game Boy da Sega Mega Drive. Wani ya gaji nasa daga wajen yayansa, wani kuma ya tsinto a cikin kayan gwanjo. Abin da na lura da shi shi ne, da zarar mutum ya samu, sai ya naɗe a leda ya jefa durowa, yana ganin ya adana kayan tarihi.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: kaset ɗin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a adana shi ba. Wanda ke tsoron kwance sukuru ɗaya a bayan kaset shi ne ya fi kowa kusa da yin asara, ko dai ta ajiyar wasan da ke ciki, ko ta kuɗin da ya biya a kan jabu. Zan yi bayani da kaset ɗin Pokémon na Game Boy, domin a kansu ne matsalolin uku suka haɗu: datti, batir, da jabu.

Kaset biyu, ƙaddara biyu

Bara yayana ya ba ni wani kwali da ya daɗe a saman wadirof ɗin gidanmu. A ciki akwai Game Boy Color da kaset biyu, Pokémon Yellow da Pokémon Gold. Ya ce min, "Ka duba min Gold ɗin nan, akwai wasan da na shekara ina bugawa a ciki." Na zuba batir, na kunna. Wasan ya tashi lafiya lau, amma a allon farko babu CONTINUE, sai NEW GAME kawai. Shekarar da Yaya ya yi yana wasa ta tafi. Da na sa Yellow kuwa, wanda ya girmi Gold, sai ga ajiyarsa tana nan daram, har da sunan da ya raɗa wa kansa tun yana sakandare.

Me ya sa tsohon ya rayu, sabon ya mutu? A cikin waɗannan kaset ɗin akwai aisi guda biyu masu muhimmanci. Na farko shi ke ɗauke da wasan kansa, kuma ba ya buƙatar wuta don ya riƙe abin da ke cikinsa. Na biyu shi ke riƙe ajiyarka, wato inda ka tsaya da abin da ka tara, kuma shi wannan da zarar wuta ta yanke masa ko na daƙiƙa ɗaya ne, ya manta komai. Abin da ke ba shi wuta dare da rana shi ne wani ɗan batir mai kama da kwabo, mai bolt 3, da aka liƙa da dalma a jikin fanel ɗin.

Pokémon Yellow ya fito a Japan a 1998, Gold da Silver kuma a 1999. Bambancin shi ne Gold da Silver da Crystal suna da agogo a ciki, wanda ke sa dare ya yi a wasan idan dare ya yi a zahiri. Agogon nan ba ya tsayawa ko da kaset yana durowa, kuma daga wannan ɗan batirin yake shan wuta. Shi ya sa batirin Gold yake riga na Yellow mutuwa da shekaru, duk da cewa nasa CR2025 ne, wanda ya fi CR1616 na Yellow girma.

Ke nan ajiyar Yellow da na gani ba tabbacin lafiya ba ce. Batirin da ya haura shekara ashirin yana aiki, kullum yana iya cikawa.

Ka daina hura kaset da baki

Kafin mu kai ga batir, sai mun fara da tsafta, domin kaset mai datti ba ya karantuwa daidai. Dukkanmu mun taso muna hura kaset da baki idan ya ƙi tashi, kuma mun yi imani hurawar ce ke gyara shi. Gaskiyar magana ita ce cirewa da mayarwa ne ke aikin, saboda haƙoran kaset suna gogar na na'ura su sami sabon wurin zama. Abin da bakinka ya ƙara kawai shi ne danshi da yawu, waɗanda a hankali suke jawo tsatsa.

Kaset ɗin Game Boy yana da haƙora 32, na tagulla ne da aka shafa wa siririn ruwan zinare. Idan suka yi datti, alamar da za ka gani ita ce tambarin Nintendo na farkon kunnawa zai fito a dagule, ko ya zama baƙin layi, wasan kuma ya ƙi wucewa daga nan. Wannan ba mutuwar kaset ba ce, na'urar ce ta kasa karanta shi.

Maganin ba shi da tsada. Ka nemi sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, wanda ake rubuta IPA a jikin kwalbarsa, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama. Ba na ba da shawarar sifirit mai launi na kemis, domin yana da ruwa da rini, kuma yakan bar saura. Ka jiƙa tsinken goge kunne kaɗan, ba sharkaf ba, ka goga a kan haƙoran. Za ka ga audugar ta yi baƙi. Ka canza wata, ka ci gaba har sai ta fito fara, sannan ka bar shi ya bushe na 'yan mintuna. A kan Yellow ɗin Yaya sai da na ɓata tsinke huɗu kafin auduga ta fito fes.

Idan haƙoran sun yi duhun da sifirit ya kasa cirewa, sai a buɗe kaset a bi su a hankali da farar kilinar goge fensir, sannan a sake wankewa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne samfefa, reza, ko man goge tagulla. Za su sa haƙoran su yi ƙyalli a ranar, amma sun kankare ruwan zinaren da ke kare su, kuma bayan 'yan watanni tagullar za ta yi tsatsa fiye da da. Haka kuma kada sifirit ya taɓa sitikar gaban kaset, yana cin fenti.

Kwafi tukuna, canjin batir daga baya

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Mutum ya ji an ce batir ya tsufa, sai ya ruga wajen mai gyara a cire a sa sabo. To, a daidai lokacin da aka ɗaga ƙafar tsohon batirin, ajiyar ta goge. Ka kashe abin da ka zo ceto da hannunka.

Hanyar da ta dace ita ce a fara kwafe ajiyar zuwa kwamfuta. Akwai ƙananan na'urori da aka yi don wannan aikin, irin su GBxCart RW da GB Operator. Kana soka kaset a jikinsu, ka haɗa da kwamfuta ta USB. Ni na yi amfani da GBxCart RW da manhajar FlashGBX, wadda kyauta ce. Ta fitar min da ajiyar Yellow a matsayin ɗan fayil mai ƙarewa da `.sav`, girmansa kilobayit 32 kacal. Ban tsaya nan ba, na buɗe fayil ɗin a emuleta don in tabbatar ajiyar Yaya ce da gaske ba shara ba, sannan na ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a waya, ɗaya a imel. Gwajin nan wajibi ne, domin idan haƙora ba su wanku ba, na'urar tana iya kwafo gurɓataccen fayil ba ka sani ba.

Bayan haka ne na buɗe kaset ɗin. Sukuru ɗaya ne a bayansa, amma ba irin wanda sukurudireba ta gida ke kwancewa ba. Ana buƙatar wadda ake kira gembit mai milimita 3.8. Kada ka matsa masa da filaya ko bakin almakashi, za ka cinye kan sukurun ka fasa robar. Idan sukurun ya fita, sai ka zame murfin gaba ƙasa kaɗan, ya ɗago da kansa.

Na ɗora mitar awon wuta a ƙafafun batirin. Na Gold ya nuna ƙasa da rabin bolt, wato gawa ce. Na Yellow ya nuna 2.9. Kada wannan lambar ta ruɗe ka. Sabon batir irin wannan yakan nuna wajen 3.2 ko 3.3, kuma ɗabi'arsa ita ce ya daɗe yana riƙe da wuta kusa da 3, sannan idan ya zo ƙarshe ya faɗi da sauri. Duk wanda ya sauka ƙasa da 3, ni a wurina lokacin canji ya yi. Wajen awo ka kula kada tsinken mitar ya haɗa ƙafa biyu a lokaci guda, wannan ma yana iya goge ajiya.

Wajen sayen sabo, ka karanta lambar da ke jikin tsohon, ka nemi irinsa mai ƙafafu biyu da aka riga aka manna masa daga kamfani. Kada a ɗora ƙarfen liƙi kai tsaye a jikin batir marar ƙafa, zafi yana lalata shi har ma yana iya fasa shi. Kada kuma a ɗaure shi da salatif, domin ranar da kaset ya faɗi ƙasa batirin zai motsa, ajiya ta sake tafiya. Idan ba ka iya liƙi ba, duk mai gyaran waya mai natsuwa zai yi maka cikin minti biyar. Ka dai tsaya a kansa, ka nuna masa alamar + da − da ke jikin fanel, don kada ya juya shi. Da aka gama, na mayar da fayil ɗin cikin kaset ta FlashGBX, na kunna, CONTINUE ya dawo. Gold kuwa ya sami sabon batir, amma abin da ya tafi ya tafi.

Ba kowane kaset ne haka ba. Ruby da Sapphire da Emerald na Game Boy Advance suna riƙe ajiya ba tare da batir ba, batirinsu na agogo ne kawai. Idan ya mutu za ka ga saƙon da ya fara da "The internal battery has run dry", amma ajiyarka tana nan. FireRed da LeafGreen kuwa ba su da batir gaba ɗaya. Wannan bayanin zai yi mana amfani yanzun nan.

Sitika tana ƙarya, fanel ba ya yi

Bayan na gama da kayan Yaya, sai sha'awa ta kama ni na shiga neman Pokémon Emerald. Na samu wajen wani mai sayar da kayan gwanjo. Kore ne shar, sitika tana ƙyalli. Ya ce min, "Yallaɓai, wannan orijina ne, daga waje ya zo." Na ce, "Malam, ban ƙi ba, amma ka bar ni in buɗe a gabanka. In orijina ne ba zan nemi ragi ba." Ya ɗan yi jim, sannan ya amince. Ban ɗauka yana da niyyar cuta ba, shi ma a dila ya saya.

Tun kafin buɗewa akwai abubuwan dubawa. A sitikar kaset na asali akwai 'yan lambobi, galibi biyu, wani lokaci da harafi, da aka danna da ƙarfe suka lotsa cikin takardar. Ba bugun tawada ba ne, sai ka karkata kaset a haske za ka gan su. Nasa babu. Sai lambar da ke ƙasan sitika: Emerald na Amurka AGB-BPEE-USA ne. Nasa ta yi daidai, amma wannan ba hujja ba ce, domin mai buga jabu hoton sitikar asali yake kwafa. Na uku, idan ka leƙa ta bakin kaset, sama da haƙora kaɗan, akwai sunan Nintendo da shekara da lambar fanel da farin rubutu. A Ruby da Sapphire da Emerald lambar ita ce AGB-E05-01. Masu jabu ma suna kwaikwayon wannan, sai dai rubutunsu yakan fito a cakuɗe ko da wani salo daban.

Kaset ɗin Game Boy Advance sukurunsa mai baki uku ne, kamar harafin Y, don haka sukurudirebarsa daban ce da ta Game Boy. Da na buɗe, magana ta ƙare. Emerald na asali dole a ga batirin CR1616 a ciki ko aƙalla gurbinsa, da babban aisi mai ƙafafu a jere wanda aka rubuta wa lambar wasan, wato BPEE, daidai da ta sitika. Nasa ba batir, ba gurbin batir, sai wani baƙin ɗigo mai kama da kwalta a tsakiyar fanel. Wannan ɗigon hanya ce mai araha ta rufe aisi, kuma ba za ka same shi a Pokémon na asali ba. Haka nan da a ce FireRed ne na buɗe na tarar da batir a ciki, shi ma jabu ne, tunda na asali ba ya da shi.

Darasin shi ne alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Sitika tana iya zama sabuwa a kan kaset na gaske, idan ta asali ta yage aka canza. Kwanson gaske ma yana iya ɗaukar fanel na jabu. Abin da ake saya shi ne fanel. Idan ta intanet za ka saya, ka nemi hoton cikinsa gaba da baya, mai haske. Wanda ya ƙi turowa ya riga ya ba ka amsa.

Ajiya a ƙasar ƙura da zafi

Yawancin kayan nan an yi su ne don Japan da Amurka da Turai, amma yanzu suna zaune a ɗakunanmu. Da hunturu ƙura tana shiga bakin kaset da ramin na'ura. Da damina danshi ne. Da bazara kuma saman wadirof a ɗaki mai rufin kwano tanda ce, zafi kuma yana rage wa batir kwana, yana ɗaga sitika.

Abin da nake yi shi ne in sa kowane kaset a 'yar robarsa, in jera su a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, tare da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Mazubin yana zama a ƙasa-ƙasa, nesa da taga, domin rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, tana kuma kashe launin sitika. Kada a ɗaure kaset da kyauro, idan ya narke yana manne wa sitika.

Babban makashin na'urar kanta kuwa shi ne batirin da aka manta a ciki. Game Boy Color na cin batir AA biyu, kuma idan suka daɗe suna zubar da wani farin gari da ke cin ƙarfen mazauninsu. Na Yaya an yi sa'a babu batir a ciki. Idan ka tarar da farin garin, ka goge shi da tsinken auduga da ɗan ruwan lemon tsami ko binega, sannan ka bi da sifirit, ka wanke hannu bayan ka gama. Game Boy Advance SP kuma batirin caji gare shi irin na waya, idan ka ga murfin bayansa ya ɗago to ya kumbura, a cire shi nan take.

Sai maganar wuta. Cajar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230 ce. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin adafta kafin ka soka a soket. Kuma don bakin adafta ya shiga rami ba shi ke nuna tata ce ba. Adaftar NES, misali, wutar AC take fitarwa, Mega Drive kuwa DC take so, haɗa su yana iya ƙona na'urar.

Aƙalla sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu, ka fito da kayan ka kunna kowanne. Matsalar da aka gani da wuri ita ce mai gyaruwa.

Masu cewa wahalar banza ce

Na san mai karatu zai ce, "Duk wasannin nan suna tashi a wayata ta emuleta, me zai sa in sayi sukurudireba ta musamman?" Gaskiya ne, kuma idan buga wasan kawai kake so, wayarka ta wadatar. Amma wasan Pokémon Yellow yana da kwafi miliyoyi a duniya, ajiyar Yaya kuwa guda ɗaya ce tak, kuma tana rataye ne a jikin batirin da ya girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. Waya ba kishiyar kaset ba ce a nan, ita ce ma ma'ajiyar da fayil ɗin ya samu mafaka.

Wasu kuma suna cewa buɗe kaset yana rage masa daraja. Idan sabo ne fil a cikin kwalinsa da ledar kamfani, na yarda, a bar shi. Amma kaset ɗin da aka riga aka buga, kwance sukuru da makamin da ya dace ba ya barin tabo. Mai saye da ya san abin da yake yi ma ya fi son wanda aka nuna masa cikinsa.

Game da jabu, ba na cikin masu raina shi. Da yawanmu da kaset masu alƙawarin wasa dubu a ciki muka taso, muka kuma ji daɗinsu. Wanda ya sayi jabu da saninsa, a farashin jabu, bai yi laifi ba, sai dai ya san ajiyarsa ba abin dogaro ba ce, kuma sau da yawa abubuwan da suka dogara da agogo ba sa aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya kuɗin orijina a karɓi kwalta.

Saboda haka idan akwai irin wannan kwalin a gidanku, kada ka jira sai ka sami lokaci. Yau ka cire batiran da ke cikin na'urar. Ka kunna kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka ware waɗanda har yanzu suke nuna CONTINUE, domin su ne na gaggawa. Su za ka fara wankewa, ka kwafe, sannan ka canza musu batir, a wannan jerin ba tare da tsallake ba. Yaya ya karɓi Yellow ɗinsa yana murmushi, amma har yau idan ya ga Gold sai ya ce, "Da ka zo da wuri." Ni kuma ba ni da amsa.